Kwana 21, Kwana 42: Lissafin da Ake Bin Sawun Annoba da Shi

A daminar 2014, wani mutum da jami'an lafiya ke sa wa ido a Legas ya sulale ya bar garin ba da saninsu ba. Yana cikin waɗanda suka yi hulɗa da Patrick Sawyer, matafiyin nan da ya taso daga Laberiya ya sauka filin jirgin sama na Murtala Muhammed ranar 20 ga Yuli ɗauke da cutar Ebola, ya kuma rasu ranar 25 ga wata. Mutumin ya nufi Fatakwal, ya kama ɗaki a otal, wani likita yana zuwa yana duba shi daga ranar 1 zuwa 3 ga Agusta. Shi dai ya yi sa'a, ya tashi. Likitan kuwa ya fara jin kasala da zazzaɓi ranar 11 ga Agusta, ya rasu ranar 22.

Ga iyalinsa wannan rashi ne mai ciwo. Ga masu binciken annoba kuma, ban da alhinin, akwai abu mai wuyar samu a cikin labarin: ranaku tabbatattu. An san kwana ukun da likitan ya taɓa mai cutar, an kuma san ranar da jikinsa ya fara nunawa. Tsakanin biyun akwai kwana takwas zuwa goma. A waɗannan kwanakin yana fita aiki, yana cin abinci, yana barci lafiya lau, alhali ƙwayar cutar tana ta hayayyafa a jikinsa. Wannan tsakanin, daga shigar cuta jiki zuwa alamar farko, shi ne lokacin ɓuyan cuta, kuma shi ne na farko cikin ma'aunan lokaci uku da ake nazarin annoba da su. Sauran biyun su ne tazarar bayyana da tazarar kamuwa. Sau da yawa akan cakuɗa su, har a bakin masu ilimi, kuma cakuɗawar na iya sa a tsare mutanen da bai kamata a tsare ba, ko a saki waɗanda bai kamata a saka ba.

Lokacin ɓuya ba lamba ɗaya ba ce. Mutum goma za su kamu rana guda, wani ya kwanta bayan kwana huɗu, yawancinsu bayan mako ɗaya zuwa biyu, wani kuma sai an fara manta da shi. Yawan ƙwayar da ta shiga jiki, da hanyar da ta bi, da ƙarfin garkuwar mutum, duk suna da hannu. A Ebola ana cewa daga kwana 2 zuwa 21. Binciken da ayarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a watan Satumban 2014, kan majinyatan Gini da Laberiya da Saliyo da Najeriya, ya sami matsakaicin kwana 11 da 'yan kai, kuma kusan kashi 95 cikin 100 sun nuna alama kafin cikar kwana 21.

To me ya sa ba a tsare mutum kwana 11 ba, tunda shi ne matsakaici? Saboda masu yawa ba su kai ga nunawa ba a wannan ranar. Mai killacewa ba ruwansa da tsakiyar jeri, ƙarshensa yake dubawa, wato masu jinkirin nan. Amma kuma bai iya jira har mutum na ƙarshe a duniya. Kwana 21 sulhu ne tsakanin tsoron a saki mai cuta da wahalar hana mai lafiya neman abinci. A ganina yana da kyau jama'a su san cewa sulhu ne, domin idan aka ce musu doka ce da ba ta kuskure, ranar da aka sami mutum ɗaya da ya kwanta a kwana na 23 sai su ce duk abin ƙarya ne.

Da wannan lissafin aka yi aiki a Legas da Fatakwal. An rubuta sunayen mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ma'aikata suna bin su gida-gida kullum suna auna zafin jikinsu. An kai irin wannan ziyara sama da 18,000. Akwai wata ƙa'ida da sabon ma'aikaci kan yi tuntuɓe da ita: ƙidayar tana farawa ne daga ranar hulɗa ta ƙarshe, ba ta farko ba. Matar da ta yi jinyar mijinta daga 1 ga wata zuwa 9, ba a san ranar da ta ɗauka ba, idan ma ta ɗauka. Sai a ƙaddara ranar 9 ce, a sa mata ido har 30 ga wata. Idan kuma ana cikin haka ɗanta ya kwanta ta yi jinyarsa, ƙidaya ta koma farko.

Kwana 42 da aka jira kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola, ranar 20 ga Oktoban 2014, ninki biyu ne na 21. Hikimar ita ce, a ƙaddara akwai mutum ɗaya da ya kuɓuce wa masu bincike, ya kamu daga majinyaci na ƙarshe, ya yi jinyarsa a ɓoye, ya kuma shafa wa wani. Kwana 42 sun isa wannan wanin ma ya bayyana. An tashi da mutum 20 da suka kamu, takwas suka rasu, cikinsu har da Dakta Ameyo Stella Adadevoh, wadda ta hana Sawyer barin asibiti.

Lokacin ɓuya kuma ana bin sa ta baya, kuma wannan shi ne amfaninsa na yau da kullum, wanda ko ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma zai iya yi da biro da takarda. A misali, a ce an yi biki a wata unguwa, mutum talatin suka kama amai da gudawa. Tambayar farko ita ce ƙarfe nawa kowa ya fara. Idan duk sun fara cikin awa ɗaya zuwa shida bayan cin abinci, da amai mai ƙarfi ba zazzaɓi, hankali zai tafi ga dafin da wasu ƙwayoyi kan zuba a abincin da ya daɗe a ajiye cikin zafi, domin dafin a shirye yake, ba ya jiran hayayyafa. Idan sai washegari ko jibi ne, ga zazzaɓi, to ƙwayar ce da kanta take girma a hanji. Kwalara kuwa takan ɗauki daga 'yan awoyi zuwa kwana biyar. Idan an riga an san cutar, sai a ɗauki mutumin da ya fara kwanciya a koma baya da mafi gajartar lokacin ɓuya, a ɗauki na ƙarshe a koma baya da mafi tsawonsa. Ranakun da suka faɗo tsakani, nan za a tambayi kowa: wace rijiya ka sha, wane taro ka je? Wannan lissafi yakan wanke wanda ba shi da laifi. Mai tuwon da aka ci a wurinta daren jiya ba za ta ɗauki alhakin ciwon shawara mai ɓuyan mako huɗu ba, ko da ita ce ta fara faɗo wa mutane a rai.

Wani lokaci tsawon ɓuyan rahama ne. Cutar haukan kare takan yi wata ɗaya zuwa uku tana bin jijiya kafin ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa allurar da aka fara nan take bayan cizo take riga ta isa. Da zarar alama ta fito kuwa, kusan babu mai tsira.

Ma'auni na biyu ya fi sauƙin fahimta ta wani tsohon labari. A shekarar 1846 ƙyanda ta shiga tsibiran Faro, can arewacin tekun Atlantika, inda rabon da a gan ta tun 1781. Cikin mutum wajen 7,800, kusan 6,000 suka kamu. Gwamnatin Denmak ta tura wani matashin likita, Peter Panum, wanda ya yi ta bin ƙauyuka a cikin jirgin ruwa yana tambayar ranaku. Da yake ƙauyukan a ware suke, kowa ya san ranar da baƙo ya zo da ranar da wane ya yi tafiya. A wani ƙauye ya tarar da maza goma da suka je farautar manyan dabbobin teku a wani gari mai ƙyanda ranar 4 ga Yuni. Ranar 18 ga wata ƙuraje suka feso musu su duka. Kwana 14 ke nan daga haɗuwa da cuta zuwa ƙuraje. Bayan kamar mako biyu kuma, sai ƙuraje suka feso wa kusan duk sauran mutanen ƙauyen.

Makonni biyun farko da na biyun sun yi kama, amma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Na farkon a jikin mutum ɗaya yake: ya kamu, ya nuna. Na biyun tsakanin mutum biyu yake: daga ranar da mai bayarwa ya nuna alama zuwa ranar da wanda ya karɓa ya nuna tasa. Wannan ita ce tazarar bayyana. Abin da ya sa masu bincike ke son ta shi ne ana ganin duka bakinta biyu. Mutum bai san ranar da ƙwaya ta shiga jikinsa ba, amma zai iya ce maka ranar Talata zazzaɓi ya rufe shi, bayan dawowa daga kasuwa.

Da ita ake warware wa ya shafa wa wa. A ce yara biyu a aji ɗaya sun yi ƙyanda, kwana uku tsakani. Iyaye za su ce na farkon ne ya sa wa na biyun. Ba haka ba ne. Kwana uku sun yi kaɗan ga cutar da tazararta ta kusa mako biyu. Su biyun a wuri ɗaya suka ɗauka, kuma wannan wurin ne ya kamata a nema. Idan kuma an ga yaro ɗaya yau, aka yi shiru, sai bayan mako huɗu wani ya fito, to akwai na tsakiya da ba a gani ba, wataƙila yana gida ana shafa masa magani. Haka aka jera majinyatan Najeriya na 2014 sahu-sahu: fiye da rabinsu daga Sawyer kai tsaye suka ɗauka, sai sahu na biyu ya zo da kaɗan, na uku ma kaɗan, daga nan sarƙar ta tsinke. Ita ce kuma ke koya wa hukuma haƙuri. Idan aka rufe makaranta yau, waɗanda za su kwanta a mako mai zuwa tun kafin rufewar suka kamu. Wanda ya duba alƙaluma bayan kwana biyar ya ce matakin bai yi aiki ba, ya yi gaggawa. Sai an bar aƙalla tazara ɗaya ta wuce, a ƙara da kwanakin da rahoto ke ɗauka kafin ya iso.

Ma'auni na uku, tazarar kamuwa, shi ne wanda ake so a zahiri, kuma shi ne ba a gani. Yana farawa daga ranar da mutum na farko ya kamu zuwa ranar da wanda ya shafa wa ya kamu. Ba ruwansa da zazzaɓi ko ƙuraje. Shi ne ainihin saurin da cuta ke tsallakawa daga jiki zuwa jiki.

Mu ƙirƙiri gida ɗaya don a ga yadda ukun ke haɗuwa. Malam Audu ya kamu da wata cutar numfashi ranar 1 ga wata, a cikin mota. Ranar 4 ya shafa wa matarsa Talatu, shi kansa bai san yana da komai ba. Ranar 6 ya fara tari. Ita kuma ta fara ranar 8. Lokacin ɓuyan Audu kwana biyar ne, na Talatu kwana huɗu. Tazarar kamuwa, daga 1 zuwa 4, kwana uku. Tazarar bayyana, daga 6 zuwa 8, kwana biyu. Ma'aikacin lafiya da ya zo gidan zai ga 6 da 8 kaɗai. 1 da 4 Allah kaɗai Ya san su. Dangantakar kuwa mai sauƙi ce: a ɗauki tazarar kamuwa, a ƙara ɓuyan mai karɓa, a cire ɓuyan mai bayarwa, abin da ya rage shi ne tazarar bayyana. Uku da huɗu bakwai, a cire biyar, saura biyu.

Daga nan abu biyu ke fitowa. Idan aka tara gidaje da yawa, ɓuyan masu bayarwa da na masu karɓa sukan yi kusan daidai a matsakaici, sai su share juna. Shi ya sa ake aron tazarar bayyana a sa ta a gurbin tazarar kamuwa. Amma a gida ɗaya-ɗaya ba sa share juna, don haka tazarar bayyana ta fi warwatsuwa: wata ta yi tsawo fiye da kima, wata ta gajarce. Har takan koma ƙasa da sifiri. A ce Audu mai jinkirin nunawa ne, sai ranar 8 ya fara tari, ya shafa wa Talatu ranar 5, ita kuma kwana biyu kacal ta yi ta kwanta ranar 7. Ta riga wanda ya sa mata kwanciya da kwana ɗaya. Duk unguwa za ta rantse ita ce ta kawo ciwon gidan. Tazarar kamuwa ba ta taɓa yin haka, domin ba mai ba da abin da bai samu ba tukuna.

Wannan ba wasan lissafi ba ne. A nan ne bambancin Ebola da korona yake, kuma shi ya sa dabarar da ta ci nasara a Legas a 2014 ba ta wadatar ba a 2020. A Ebola, matsakaicin ɓuya kwana 11 ne, tazarar bayyana kuma kwana 15. Tazarar ta ɗara ɓuyan da kamar kwana huɗu, ma'ana galibin masu shafa wa wasu sai sun yi kwanaki suna ciwo suke shafawa, lokacin da amai da gudawa suka tsananta, ko wajen wankan gawa. Saboda haka zazzaɓi ƙararrawa ce da ke kaɗawa da wuri. Ka auna zafin mutum kullum, ranar da ya hau ka ɗauke shi, ka riga cutar. Likitan Fatakwal ya nuna abin da ke faruwa idan ba a ji ƙararrawar ba: ya ci gaba da duba marasa lafiya bayan zazzaɓin ya fara, sai ranar 16 ga Agusta aka kwantar da shi, kuma matarsa da wata majinyaciya a asibitin da aka kwantar da shi suka kamu.

Cutar numfashin nan ta SARS da ta tashi a 2003 ma haka take. A Singafo an auna tazarar bayyanarta ta haura kwana takwas, alhali ɓuyanta bai fi kwana huɗu zuwa shida ba ga yawancin mutane. An killace marasa lafiya da wuri, cikin 'yan watanni ta mutu.

Da korona ta ɓulla a Wuhan, ƙiyasin farko, wanda aka gina kan mutane 'yan ƙalilan, ya ba da tazarar kwana 7.5. Ta yi kama da 'yar'uwarta ta 2003, hankali ya ɗan kwanta. Ba a jima ba sai bayanai suka ƙaru. Ɓuyanta ya tsaya wajen kwana biyar, kusan kowa kan nuna kafin kwana 12, daga nan aka tsayar da killacewar kwana 14. Tazarar bayyana kuwa sai aka riƙa samun kwana huɗu zuwa biyar. Wani bincike kan mutum 468 da aka san wanda ya shafa wa kowannensu a ƙasar Sin ya gano cewa kusan ɗaya cikin takwas ya riga wanda ya shafa masa nuna alama. Idan tazarar bayyana ta yi daidai da ɓuya ko ta gaza shi, fassararta ɗaya ce: mutane da yawa suna rabawa tun suna jin kansu garau. Na'urar auna zafi a ƙofar banki ko filin jirgi ba za ta kama irin su Malam Audu na ranar 4 ga wata ba. Dalilin takunkumin fuska ga masu lafiya ke nan, da tsare wanda bai yi ko atishawa ba, abin da ya yi wa jama'a wuyar haɗiya domin ba a cika bayyana musu wannan lissafin ba.

Saura babban aikin tazarar kamuwa, wanda ya fi shafar masu tsara manufa. Kowa ya ji ana maganar wata lamba da ake rubutawa R, wato mutum nawa ne mai cuta ɗaya ke shafa wa a matsakaici. Ba a ƙirga ta kai tsaye sai nadiran. Abin da ake gani shi ne saurin ƙaruwar majinyata, kuma sauri kaɗai bai isa ba. Makiyayi ya san garke kan cika ta hanya biyu: ko uwa ta riƙa haifar da yawa, ko ta riƙa haihuwa akai-akai. Wanda ya ga garken ya ninka bai san wanne ne ya faru ba sai ya san tazarar haihuwar.

A ce majinyata suna ninkawa duk kwana shida. Idan tazarar kamuwa kwana shida ce, kowane sahu ya ninka na bayansa, R ya kama 2. Idan kwana 12 ce, an ninka sau biyu kafin sahu ɗaya ya cika, R ya kama 4. Idan kwana uku ce, R bai wuce 1.4 ba. Alƙaluman asibiti iri ɗaya ne a duka ukun, amma aikin da ke gaba ya sha bamban. Don annoba ta fara ja da baya, sai an sauko da R ƙasa da 1. Mai R na 2 sai an toshe rabin hanyoyin yaɗuwarsa, ta rigakafi ko killacewa. Mai 4 sai kashi uku cikin huɗu. Mai 1.4 kuwa kusan kashi 30 cikin 100 ya isa. Kuskuren kwana uku a tazara zai iya zama bambanci tsakanin rufe gari da barin sa a buɗe.

Ana iya gwada wannan da Laberiya. A Satumban 2014 majinyata suna ninkawa duk kwana 24 ko kusa da haka, tazarar kuma kwana 15. Sahu ɗaya bai kai ninki guda ba, ya ɗan haura rabinsa. Lissafin kan takarda ya ba da kusan 1.54, masana da suka yi cikakken lissafi, wanda ke la'akari da cewa ba kowa ke shafawa a rana ɗaya ba, sun sami 1.5. Annobar da ta firgita duniya ke nan, amma lambarta ba ta kai 2 ba. Da za a hana kashi ɗaya cikin uku na yaɗuwar, ta hanyar gadajen killacewa da binne gawa cikin kariya, sai ta juya. Haka kuwa aka yi daga baya, ko da yake bayan asarar rayuka sama da 11,000 a yankin.

Sai dai waɗannan lambobi ba a sassaƙe suke a dutse ba, kuma nan ne nake ganin an fi yin sakaci. Lokacin ɓuya galibi tsakanin ƙwaya ne da jiki, mutum ba shi da ta cewa sosai, ko da yake ita ma ƙwayar takan sauya: nau'in korona na Omikron ya sauko zuwa wajen kwana uku. Tazarar biyu kuwa halin mutane na cikinsu. A ƙasar Sin an ga tazarar bayyanar korona ta faɗo daga kwana 7.8 zuwa 2.6 cikin wata guda, tsakanin Janairu da Fabrairun 2020. Ƙwayar ba ta ƙara sauri ba. Abin da ya faru shi ne an fara ɗauke marasa lafiya da wuri, sai duk shafawar da da za ta faru a kwana na bakwai ko na goma ba ta faru ba. Gajerun kaɗai suka rage a littafi. Don haka gajarcewar tazara na iya zama albishir cewa killacewa na aiki. Wanda kuma ya ɗauki lambar da aka auna a Wuhan ko Milan ya dasa ta a Kano ko Maraɗi, inda gida ɗaya kan ɗauki mutum ashirin kuma jinya a gida ake fara ta, yana iya samun amsa mai kyan gani wadda ba ta dace da ƙasa ba.

Akwai kuma tarkon farkon annoba. Lokacin da cuta ke hauhawa, yawancin waɗanda suka kamu kwanan nan suka kamu. Masu gajeren ɓuya sun riga sun iso asibiti an rubuta su, masu dogon ɓuya suna gida lafiya lau ba su shiga lissafi ba. Matsakaicin da aka fitar a makonnin farko yakan fi na gaskiya gajarta, sai an yi masa gyara. Ga kuma rauni irin na ɗan Adam: mara lafiya yakan tuna ranar da ciwo ya kayar da shi, ba ranar da ya fara jin kasala ba, kuma yakan ce mako ɗaya ko kwana goma domin su ne suka fi sauƙin faɗi. Ƙwararren mai tambaya ba ya cewa ranar nawa ga wata. Yakan ce kafin Juma'a ne ko bayanta, kin je sunan gidan wane da ciwon ko ba ki fara ba.

Ko kwana 42 ɗin ma sun gamu da iyakarsu. An ayyana Laberiya ta rabu da Ebola ranar 9 ga Mayun 2015, sai ga cutar ta sake ɓulla a ƙarshen Yuni. Bincike ya nuna ƙwayar na iya laɓewa a jikin wanda ya warke, musamman a maniyyi, watanni da yawa, ta fito ta kama wani. Ɓuyan cutar a jikin sabon majinyaci bai sauya ba, yana nan cikin kwana 21. Tazarar kamuwa ce ke da wata doguwar jela da ba a sani ba, kuma an gina ƙa'idar 42 ne a kan ɓuya. Daga nan aka ƙara kwana 90 na tsananta sa ido bayan cikar 42, aka kuma fara gwada mazan da suka warke tare da ba su shawara. Da Ebola ta dawo kudancin Gini a watan Fabrairun 2021, nazarin ƙwayar ya nuna ba sabuwa ba ce daga dabbar daji: jikar wadda ta yi ɓarna a 2014 zuwa 2016 ce, ba ta ma sauya sosai ba, abin da ya sa masana suka karkata ga cewa ta zauna ne a jikin wani da ya warke, shekara biyar ko fiye.